Shin ƙasa na da ikon tare jirgi a mashigin Hormuz?

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Maraɗi, kayana daga Dubai suke zuwa ta Lome. Na ji a rediyo ana cewa Iran za ta iya rufe mashigin Hormuz. Doka ta yarje mata? Kuma jirgin kaya da na yaƙi hukuncinsu ɗaya?

Amsa: Alhaji, yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ta ba kowace ƙasa iko da ruwan gaɓarta har mil 12 na teku, wato kusan kilomita 22. Jirgin baƙi na iya bi ta cikinsa bisa haƙƙin wucewa ba cutarwa: ya bi hanyarsa, ba atisayen makamai, ba leƙen asiri, ba kamun kifi. Ƙasar kuwa tana iya dakatar da wucewar na ɗan lokaci a wani yanki saboda tsaronta, in ta yi sanarwa.

To ga Hormuz. Inda ya fi tsukewa mil 21 ne, tsakanin Iran da Oman. In kowacce ta ɗebi 12 nata, ba sauran ruwan da ba na kowa ba, kuma jirgin da ya ɗauko kwantenarka daga tashar Jabal Ali ta Dubai ba shi da wata ƙofa. Shi ya sa aka ware wa irin wannan mashigi haƙƙi mafi ƙarfi, haƙƙin ratsewa, wanda sashe na 44 ya ce ba a dakatar da shi. Sharaɗin shi ne jirgi ya ratsa ba tsayawa, ba jan ƙafa.

Ga jirgin kaya bambancin kusan nan ya tsaya. Zai bi layin da aka shata, faɗin mil 2 na shiga, mil 2 na fita, ya kiyaye ƙa'idar zubar da mai.

Jirgin yaƙi ne ke cin moriyar bambancin. A wucewa ba cutarwa, jirgi mai nutso dole ya taso saman ruwa ya nuna tutarsa, babban jirgi ba zai tayar da jirgin sama daga bayansa ba, jirgin sama ma ba shi da haƙƙin keta samaniyar. A ratsewa kuwa jirgin sama zai wuce, kuma manyan ƙasashen teku suna fassara dokar da cewa mai nutso zai ratsa a nutse, tunda haka tafiyarsa take.

Inda gizo ke saƙa: Iran ta sa hannu a 1982 amma ba ta tabbatar da yarjejeniyar ba, ta kuma ce ratsewa na ƙasashen da suka shiga ne kawai. Amurka ba ta shiga ba, amma ta ce haƙƙin ya riga ya zama al'adar duniya. A ganina ko hujjar Iran aka bi, rufewa ba ta halatta ba, domin tun 1949 Kotun Duniya ta yanke a shari'ar mashigin Korfu, da ke tsakanin Albaniya da tsibirin Korfu na Girka, cewa a lokacin zaman lafiya ba a hana ko jirgin yaƙi wucewa ba cutarwa ta irin wannan mashigi.