Me Ya Sa Emoji Ke Zama Akwati a Wayar Baba?

Tambaya: Ina tura wa Babanmu saƙon tes daga Gombe zuwa Kumo, amma ya ce inda na sa emoji sai ya ga ƙananan akwatuna babu komai a ciki. Alamar ₦ ma haka. Wayarsa ce ta lalace? (Wata mai karatu, Tudun Wada)

Amsa: Malama, wayar Baba lafiyarta ƙalau. Idan kin tura emoji, ba hoto ne ke tafiya ba, lamba ce. Tsarin Unicode ya ba kowane harafi da kowace alama lambarsa: 😂 tana da U+1F602, ₦ kuma U+20A6. Idan lambar ta isa, sai wayar ta duba zanen haruffan da aka saka mata tun daga kamfani. In ta samu zanen ta nuna, in ba ta samu ba ta ajiye akwati a gurbin.

Shi ya sa shekarun waya ke da tasiri. An shigar da 😂 tun 2010, amma 🥰 sai a 2018 ta shigo, kuma Android 9 ce ta zo da zanenta. Wayar da ta tsaya a Android 7 za ta nuna ta farko, ta yi akwati a ta biyu. Ƙaramar waya mai madannai kuwa sau da yawa ba ta da ko ɗaya, har ƙ da ɗ da ɓ namu kan faɗa wannan rami. Kada WhatsApp ya ruɗe ki, shi yana tafe da nasa zanen, don haka abin da ya fito a cikinsa yana iya ƙin fitowa a tes.

Ga gwaji mai sauƙi. Ki roƙi Baba ya turo miki wannan saƙon kamar yadda yake. In emoji ɗin ya dawo daidai a wayarki, to saƙo ya isa cikakke, zane ne kawai babu a wajensa. In kuwa alamar tambaya ce ta dawo, an musanya alamar tun a hanya, ta ɓace ke nan. Irin wannan ake gani a wasu rasit na POS inda ₦ ya kamata ta fito.

Ƙaramar waya ba a ƙara mata zane, gyaran yana hannun mai turawa. Ki rubuta N5,000 ko naira 5,000, ki bar emoji. Ni dai ko don kuɗin kati zan ba da wannan shawara: tes ɗaya na ɗaukar haruffa 160, amma da zarar emoji ɗaya ko ₦ ko ƙ ta shiga, sai ya koma 70. Saƙo mai haruffa 150 da zai tafi a shafi ɗaya sai ya zama shafi uku, a caje ki na ukun.