Fanka ko bututu: me ya kamata mai injin buga 3D na Ender 3 ya fara gyarawa?

"Ina da Ender 3, PLA nake bugawa. Gefe ɗaya na aikin yana fita sumul, ɗayan kuma duk inda ya leƙo waje sai ya zazzago, gada ma lotsawa take yi. An ce in sayi fankar 5015. Ko akwai riba?" Wani mai karatu daga Kaduna

Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Sake buga abin nan kamar yadda yake, sai dai ka juya shi a kan faranti, gefen da ya lalace ya koma fuskantar dama. Idan wannan karon ya gyaru, wancan gefen kuma ya ɓaci, to matsalar alƙiblar iska ce. Bututun iskar fanka da Ender 3 ke zuwa da shi daga dama kawai yake hurowa, jikin aikin kansa yana kare ɗaya ɓangaren.

PLA, filamen ɗin roba da injin ke narkarwa, yana fitowa daga nozul da zafin digiri 200 ko kusa da haka, kuma ba ya tsayawa da ƙarfinsa sai ya sauko ƙasa da 60. A bango miƙaƙƙe ba komai, akwai shimfiɗar ƙasa da za ta tallafe shi. Amma inda bango ya karkata ya wuce digiri 45 daga tsaye, kusan rabin zaren a iska yake, a gada kuwa, inda zare ke tsallakawa tsakanin ginshiƙai biyu, gaba ɗayansa. Nan dole ya daskare kafin nauyinsa ya ja shi ƙasa. Alama ta biyu ita ce kusurwoyi su riƙa naɗowa sama, har ka ji nozul yana ƙwanƙwasarsu in ya zo wucewa.

Don ka ga inda iskar ke sauka da idonka, zuba ruwa a murfin kwalba ka ajiye a faranti. Nozul a sanyaye, sauko da shi har ya kusa taɓa ruwan, sannan ka kunna fanka daga allon injin ko da wannan umarni:

```
M106 S255
```

Za ka ga ɗan rami a saman ruwan. Ƙarƙashin bakin nozul daidai ya kamata ya kasance. In ya kauce da milimita huɗu ko biyar, ko mafi ƙarfin fanka ka ɗaura, gefe za ta ci gaba da hurawa. `M107` ke kashe ta.

Saboda haka bututu mai baki biyu shi ne gyaran farko, kuma kai za ka buga shi da kanka. Cikin zane-zanen bututu da ake da su, Satsana na da samfurin da ke karɓar fankar 4010 ta asali, Hero Me da Petsfang kuma suna da na 5015. Da PETG ko ABS za ka buga, domin na PLA yana zama kusa da tubalin dumama, a hankali sai ya yi laushi ya sunkuyo, wata rana ya kama aikinka ya tumɓuke. Wajen ɗaurawa, bakin bututun ya kasance sama da tsinin nozul da kamar milimita ɗaya zuwa biyu.

To ina 5015, wadda ta fi ta asali girma, ta shigo? Idan ka raba iskar ƙaramar fanka gida biyu ta ƙuntatattun hanyoyi, kowane baki kaɗan yake samu. A nan 5015 ke da amfani, don tana da matsin da zai tura iska ta cikin lanƙwasa. In kana gudu a hankali, milimita 40 zuwa 50 a daƙiƙa, ta asali da bututu mai kyau sun ishe ka. In kana son sauri ko dogayen gadoji, saya. Duba takardar bayanta ka ga `24V`, domin ta `12V` ƙonewa za ta yi a Ender 3. Kuma mai siffar katantanwa ake nufi. Mai buɗaɗɗen fiffike irin ta kwamfuta ba ta iya tura iska ta ƙunci.

Bayan gyaran, iska na iya bugun tubalin dumama, zafi ya faɗi, injin ya tsaya da saƙon `Thermal Runaway`. Sa wa tubalin rigar silikon ɗinsa, ka kunna fanka, ka sake daidaita zafi da `M303 E0 S205 C8 U1`, ka adana da `M500`.

Ga gada, fanka ɗari bisa ɗari, ka rage zafin nozul zuwa 195 ko 200. A Cura, manhajar da ke shirya wa injin aiki, sai ka kunna `Enable Bridge Settings` kafin saitunanta su bayyana. Idan zaren bai tsinke ba amma ya yi ciki, rage yawan filamen na gadar kaɗan don ya miƙe da kyau tsakanin ginshiƙan.

"Fankata na kan 100%, amma tsinin ƙananan abubuwa narkewa yake kamar kyandir. In ƙara fanka ta biyu?" Wata mai karatu daga Kano

Malama, ta biyu ba za ta warware wannan ba, lokaci ne ya yi ƙaranci. Mu ɗauki sanda mai kaurin milimita 4. Da nozul na 0.4, duk zaren da ake shimfiɗawa a hawa ɗaya bai wuce tsawon milimita 31 ba. A gudun 50 ko daƙiƙa ɗaya ba a cika ba an dawo an ɗora mai zafi a kan mai zafi.

Cura na da `Minimum Layer Time`, yawanci daƙiƙa 10, wanda ke rage gudu don kowace shimfiɗa ta sami sarari. Sai dai `Minimum Speed` na hana shi sauka ƙasa da iyaka. Idan iyakar 10 ce, shimfiɗar nan daƙiƙa uku kawai za ta ci. Rage gudun fiye da haka ma bai cika taimakawa ba, tunda nozul mai digiri 200 yana nan zaune a kan wurin yana gasa shi. Akwai `Lift Head` da ke ɗaga kan injin ya jira, amma filamen na ɗiga a lokacin jiran, ya bar miki zare da ƙuraje. Ni ba na son sa.

Abin da nake ba da shawara shi ne ki buga guda biyu ko uku a tare, da tazarar kamar santimita 5 a tsakani. Nozul zai bar wannan ya tafi wancan, kowanne ya sha iska kafin a dawo kansa. In guda ɗaya kike buƙata, tsayar da siririyar hasumiya mai tsayi ɗaya da shi a gefe, filamen kaɗan take ci.

Ki lura da ɗakin ma. A watan Afrilu Kano kan kai digiri 40, fanka kuma iskar ɗakin take hurawa, don haka saitin da ya yi miki aiki a sanyin Janairu zai iya gazawa. In injin na cikin akwati, buɗe ƙofarsa, kuma kada farantin ya wuce 55 zuwa 60. Ƙurar hunturu kuma kan taru a fiffiken fanka ta rage mata ƙarfi, sai ki goge da ƙaramin buroshi.

"To in bar ta a 100% koyaushe?"

Ban da shimfiɗar farko. A nan kashe ta don aikin ya manne, sannan ta hau a hankali ta cika a ta uku ko ta huɗu. `Regular Fan Speed at Layer` ke tsara haka. Ga kayan ado, bar ta a cike. Amma abin da zai ɗauki nauyi, irin su maƙalin bango, iska mai yawa na hana shimfiɗu narkewa cikin juna, sai ya tsage a kan layi in an matsa. Da 5015, fara da kashi 50 zuwa 60 a jikin aikin, gadoji kaɗai su sami ɗari. In kin sauka ƙasa da kashi 20 zuwa 30, leƙa ki tabbatar tana juyawa, don wasu fankokin ƙara kawai suke yi ba su tashi ba.