Amsar Barista kan takardar amsa laifi da aka sa hannu bayan duka

Tambaya: "Barista, an kama ƙanena a Dei-Dei kan satar babur. Ya ce sun rataye shi suna duka har ya sa hannu a takarda cewa shi ya sata. Shi ke nan magana ta ƙare?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kawo mafita. Magana ba ta ƙare ba ko kaɗan. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana kotu karɓar amsa laifin da aka samo ta hanyar azabtarwa, duka ko barazanar duka, ko da abin da mutum ya faɗa gaskiya ne. Dalili kuwa, wanda aka rataye zai amsa har abin da bai san an yi ba, don dai a sauke shi. Kuma ba ƙanenki ne zai tabbatar an dake shi ba. Masu gabatar da ƙara ne za su gamsar da alƙali, ba tare da sauran shakka ba, cewa da yardarsa ya yi magana.

To amma ga inda mutane ke faɗawa rami, don Allah ki saurara da kyau. Ranar da ɗan sandan da ya yi bincike ya miƙa takardar a kotu, nan take lauya zai tashi ya ce tilasta shi aka yi. Sai alƙali ya dakatar da shari'ar babur, a yi wata ƙaramar shari'a kan takardar kaɗai: wa ya rubuta, a wane ɗaki, su wa ke wurin. Idan aka yi shiru har aka karɓe ta, ƙorafi daga baya da wuya ya yi amfani. Haka in ƙanenki ya ce kawai "ban san wannan takarda ba", kotu karɓa take yi, ta auna nauyinta a ƙarshe. Saboda haka ya faɗa wa lauyansa abin da ya faru dalla-dalla: da me aka ɗaure shi, wa ya dake shi, yaushe aka ba shi biro.

Nan Abuja kuma dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta yi tanadin ɗaukar bayanin a bidiyo, ko a gaban lauya ko jami'in Legal Aid, hukumar da ke ba marasa hali lauya kyauta. Lauya ya tambaye su ina bidiyon.

Ke kuma naki aikin tun yau ne, kafin ciwon ya warke. Shatin igiya a wuyan hannu, kumburin kafaɗa, a ɗauki hoto in an samu dama, a roƙi kotu ta sa a kai shi asibiti a samo takardar likita.

Sai dai ki sani, ko an jefar da takardar, in akwai wasu shaidu shari'a za ta ci gaba. Ko da bayaninsa ne ya kai su inda aka samo babur ɗin, kotu na iya karɓar shaidar samo shi a wurin. Ki turo mini lambar lauyan nasa ta bayan fage mu yi magana.