Layin zafi ya kwanta a gindin sandunan ruwan sama: ina gyaran yake?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar labarin ƙasa ce a Kano. Na zuba ruwan sama da zafin wata goma sha biyu a Excel don in nuna wa ɗalibaina, amma layin zafin ya kwanta a ƙasa, ko motsi ba ya yi. Me na ɓata?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Alƙalumanki lafiya lau suke, ma'auni ɗaya kika ɗora wa abu biyu. Ruwan Agusta a Kano yakan kai wajen milimita 300, zafin Afrilu kuwa digiri 30 ne da 'yan kai. In aka auna su da tsani ɗaya, dole zafin ya maƙale a matakin farko.

Ki jera watanni a layin A, ruwa a B, zafi a C, sunan kowanne a jeri na 1, Janairu zuwa Disamba a jeri na 2 zuwa 13. Ki zaɓe su duka, ki shiga Insert, sai Recommended Charts, sai All Charts, sai Combo. Ki ba ruwa Clustered Column, ki ba zafi Line, sannan ki danna akwatin Secondary Axis da ke gaban zafin. Nan take zai samu nasa ma'aunin a hannun dama, ya miƙe. Daga nan ki danna lambobin daman sau biyu, ki sa Minimum 0, Maximum 40. Na damu da wannan matuƙa, domin in Excel ya zaɓa da kansa, garuruwa biyu sukan fito da ma'auni daban-daban, yaro ya kwatanta su ya ɗauki kuskure.

In sanda ɗaya ta ƙi fitowa, duba ko an rubuta 300mm a ɗakin. Harafi na shiga, lambar ta koma rubutu, za ki gan ta jingine a hagu. Goge harufan.

Sai karatun zanen, inda daɗin yake. Ki sa yara su bi layin da yatsa. A Janairu yana ƙasa saboda hunturu, ya yi ta hawa har ya kai ƙololuwa a Afrilu zuwa Mayu, lokacin da sandunan suke gajeru. Da sandunan sun yi tsawo a Yuli da Agusta, sai layin ya lotsa, don gajimare ya tare rana, ƙasa kuma ta jiƙe. A Oktoba ya ɗan ɗago, sannan ya gangara zuwa Disamba. Duk yaron da ya sha zafin bazara zai gane wannan tudun.

Ruwan shekara tarawa ake yi, amma zafi ba a tara shi, tazararsa ake nema:

```
=SUM(B2:B13)
=MAX(C2:C13)-MIN(C2:C13)
```

Ki kuma nuna musu cewa inda layi ya ratsa sanda ba ya nufin komai, tunda kowanne da gefen da ake karanta shi.