Me zan rubuta wa yaron shago kafin in yi tafiya?

Tambaya: Ina da shagon kayan masarufi a Aboabo, nan Kumasi. Zan je Tamale na yi sati uku, ɗan yayana zai riƙe mini shagon. Ko kasuwar Kejetia na leƙa sai ya kira ni sau biyar. Me zan rubuta masa?

Amsa: Hajiya, kiran nan nasa ki fara bi. Ki ɗauki sati ɗaya kina rubuta duk abin da ya tambaye ki. Za ki ga tambayoyin suna maimaita kansu: wance na son bashi, mai kawo burodi ya zo karɓar kuɗi, wani ya ce a rage masa. Kowace ki ba ta amsa da lamba. "Ka kula da bashi" ba ta gaya masa komai ba. Ki rubuta sunayen waɗanda kika yarda a ba su, kowa da iyakarsa, misali sidi 100, wanda ba ya ciki kuma ya jira dawowarki. Wannan ma kariya ce ga yaron, don ba zai iya kallon idon babbar mace a zango ya ce a'a ba, amma zai iya nuna mata takarda.

Inda na fi so ki zauna ki tsara da kyau shi ne lissafin rufe shago. A ce kin bar masa canji sidi 200 da safe, littafin ciniki ya nuna 1,850. A ciki 600 ta MoMo aka biya, 150 bashi ne, an kuma fitar da 100 na burodi. Ya haɗa 200 da 1,850, ya cire ukun nan, saura 1,200, abin da ya kamata ya tarar a akwati ke nan. Idan ya ƙirga ya sami 1,170, ya rubuta giɓin 30 da kwanan wata, kada ya cika daga aljihunsa. Ni na fi tsoron littafin da kullum yake fita cif-cif, don yawanci gyara shi ake yi. Ya ware canjin gobe, ya ɗauki hoton shafin ya turo miki kowane dare.

MoMo kuwa layi ɗaya a takardar ya isa: kaya ba sa fita sai ya duba wayar shago da kansa ta `*170#` ya ga kuɗin sun ƙaru. Saƙon shigar kuɗi ana ƙirƙirar na bogi.

Kada rubutun ya wuce shafi biyu, kuma da harshen da yake karantawa ba tare da gargada ba. Kwana biyu kafin tafiya ki zauna a shagon ki kama bakinki, shi ya yi komai da takardar. Duk inda ya waiwayo yana kallonki, akwai layin da ba ki rubuta ba, sai ki ƙara shi nan take.