Na rubuta 2 ya fito da ganye huɗu: yadda ake sanin ganyen fure tun daga lissafi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina amfani da Desmos a wayata. Na rubuta `r = cos(2θ)`, furen ya fito da ganye huɗu, na sa 3 ya fito da uku kacal. Manhajar ce ta rikice? Kuma malaminmu ya ce mu nemo mai ganye shida, na gwada lambobi har na gaji. (Wata ɗaliba daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Manhajar lafiyarta ƙalau. Abin da ke rikita mutane a nan guda ɗaya ne: inda ake ajiye ɗigo idan `r` ya sauka ƙasa da sifili.

A irin wannan zane, kowane ɗigo abu biyu ne ke nuna wurinsa. `θ` ita ce kusurwar da kika juya, ana fara ƙidaya daga hannun dama a zagaya ta sama, wato saɓanin tafiyar agogo. `r` kuma nisan da za ki taka ne daga tsakiya. Idan `r` ya zo da alamar debewa, ba a jefar da ɗigon, sai dai ki yi tafiyar da baya. Kina fuskantar sama, amma ki ja da baya, ɗigon ya sauka a ƙasa.

Mu bi `cos(2θ)` sannu a hankali. A digiri 0, `r` ɗaya ne, wannan shi ne bakin ganyen dama. A 45 ya koma sifili, layin ya dawo tsakiya. A 90 `r` ya zama −1: fuska na sama, tafiya da baya, sai ga ganye a ƙasa. A 180 ya koma 1, ganyen hagu ke nan. A 270 ya sake zama −1, fuska na ƙasa, ɗigo ya sauka a sama. Kowane ganye ya samu fili na kansa, babu wanda ya hau wani, shi ya sa kika ga huɗu.

Shi ma `cos(3θ)` sau shida yake miƙewa a zagaye ɗaya, amma uku daga ciki sun kwanta a kan 'yan uwansu. A 0 ganye na dama. A 60 `r` ya zama −1, ɗigon ya tsallaka zuwa 240. A 120 ya zama 1, ganye na uku. Da kin kai 180, `r` −1 ne kuma, ya mayar da ke daidai inda kika fara. An gama furen tun a rabin zagaye. Idan kika ci gaba har 240, `r` zai zama 1, ya sauka a kan ganyen da aka riga aka zana tun a 60. Alƙalami ne ke sake bin tsohon sawu, ido ba ya gani.

Ƙa'idar ke nan ga `cos(nθ)` ko `sin(nθ)`: idan biyu ba ta raba `n` daidai, kamar 3, 5, 7, ganyen `n` ne, kuma zanen na kammala a π, wato digiri 180. Idan tana rabawa, kamar 2, 4, 6, sai ki ninka, kuma sai an kai 2π. Bambancin `sin` da `cos` juyi ne kawai: na `cos` kullum yana da ganye kwance a kan layin dama, na `sin` ya ɗan karkata. Lambar da aka sa a gaba, kamar 5 a `r = 5cos(3θ)`, tsawon ganye take ƙarawa, ba ruwanta da yawansa.

Ki gani da idonki. Da kin rubuta lissafin, Desmos na fito da wani ɗan layi a ƙarƙashinsa mai nuna iyakar `θ`. Ki goge iyakar sama ki sa `a`, ki karɓi `slider` ɗin da zai ba ki, ki sa iyakarsa daga 0 zuwa 2π, sannan ki ja shi a hankali da yatsa. Za ki ga na 3 ya rufe tun kina tsakiyar hanya, na 2 kuwa a wurin ganye biyu kawai ya cika, wato rabin na dama, na ƙasa, da rabin na hagu. Ba sai kin nemi alamar `θ` a madannai ba, rubuta `theta` zai mayar da ita da kansa. A alamar sifana da ke saman allo kuma akwai inda ake canza layukan bango su koma da'ira-da'ira, ya fi sauƙin karanta kusurwa.

Batun ganye shida, malaminku tarko ya ɗana muku. Babu cikakkiyar lambar da za ta ba da shi ta wannan hanya. Shida da kanta sha biyu take bayarwa, uku kuma, wadda ita ce rabinsa, ba ta ninkuwa. Haka ma biyu da goma ba sa samuwa. Mafita ita ce a hana `r` zuwa ƙasa da sifili, don ganyen nan uku da suka ɓuya su tsaya a inda fuska take kallo:

```
r = abs(cos(3θ))
r = 1 + cos(6θ)
```

Na farko ya cire alamar debewa, na biyu ya ɗaga komai sama da ɗaya, ganyensa sun fi tsawo, suna kaiwa 2. Akwai kuma `r = cos(3θ/2)`, shi ma shida ne, sai dai ganyen sun hau juna, kuma ba ya rufewa sai a 4π. Idan `n` gutsure ce, `p/q` da aka rage har ƙarshe, to in sama da ƙasa duka biyu ba ta raba su, ganye `p` ne a cikin `qπ`. In ba haka ba, `2p` ne a cikin `2qπ`. Nan ne iyakar `θ` ke iya gazawa: `cos(2θ/7)` na buƙatar 14π, idan iyakar ba ta kai haka ba za ki ga zane da baki a buɗe.

Wannan ɗin na `1 + cos(6θ)` ɗan gidan su kadiyoyid ne, zanen nan mai kama da zuciya. Ki cire 6 ɗin, ya zama `r = 1 + cos(θ)`: nisa 2 a dama, 1 a sama da ƙasa, sifili a hagu, inda ya lotsa ciki. Siffar da ake bugawa a kwalin makirfo ke nan, mai ɗaukar murya ta gaba ya yi watsi da ta baya. Sharaɗinsa lambar farko da wadda ke gaban `cos` su zo daidai. Idan kika rubuta `r = 1 + 2cos(θ)`, `r` zai sauka ƙasa da sifili tsakanin digiri 120 da 240, sai tafiya da bayan nan ta haifar da ƙaramin zobe a ciki. Idan ta farko ce ta fi girma, kamar `3 + 2cos(θ)`, layin ba zai taɓa tsakiya ba sam.

Idan kuwa wata rana kika ga ɗan guntun layi maimakon fure, ki duba sifanar nan ko an bar ta a `Degrees` alhali kin rubuta iyaka 2π. A digiri, 2π bai wuce shida da 'yan kai ba, zanen bai ma fara juyawa ba. Ki mayar da ita `Radians`, ko ki sa iyakar 360.