Batir biyu na 200Ah amma ba sa kai ni asuba, in ƙaro ko in koma litiyam?

Tambaya daga wani magidanci a Kano: "Salam. Ina da inbata 2.5kVA ta 24V da batir tubula guda biyu, kowanne 12V 200Ah. Mai shago ya ce min za su kai ni asuba. Ina kunna fankar sama uku, talabijin da dikoda, ƙwai shida da firiza. Da suna sababbi daga ƙarfe 7 na yamma suna kaiwa wajen 1:30 na dare, yanzu wata takwas kenan, 10 da 'yan mintuna inbata ta fara kuka. In ƙaro batir biyu ne ko in sayi litiyam?"

Wa'alaikumussalam Malam. Kar ka sayi komai tukuna, ɗauko biro da takarda mu yi lissafi tare, don wallahi abin yana damuna yadda mutane ke zuba kuɗi masu yawa a batir ba wanda ya zauna ya yi musu wannan ɗan lissafin na minti biyar.

Wannan 2.5kVA ɗin da ke jikin inbata ba shi ke faɗin awa nawa za ka samu ba, nauyin da za ta iya ɗauka a lokaci guda kawai yake nunawa. Awoyi a cikin batir suke. Ka ninka bolt da Ah, batir ɗaya 12 sau 200 ya ba ka 2,400Wh, guda biyu 4,800Wh kenan. Kuma ka lura, da yake jere aka haɗa su don su ba da 24V, Ah ɗin bai zama 400 ba, yana nan 200, bolt ɗin ne ya ninka.

Sai kayan da kake kunnawa. Fankar sama irin ta gidajenmu tana jan wajen wat 75, uku 225 kenan. Talabijin da dikoda mu sa 100, ƙwai shida masu wat goma-goma 60, cajin wayoyi 15. Firiza tana tashi tana tsayawa, idan tana aiki za ta ja kamar 150, amma da zafin Kano ba ta cika hutawa ba, don haka mu ba ta 100 a tsaka-tsaki. Duka wat 500.

Mai shagonka abin da ya yi shi ne ya raba 4,800 da 500 ya samu awa tara da rabi, daga ƙarfe 7 zuwa 4:30, shi ya sa ya ce asuba. To amma batir mai ruwa irin tubula ba kamar jarkar fetur ba ne da za ka juye har ɗigon ƙarshe. Idan kana so ya yi maka shekaru, rabin cajinsa ne naka, rabin ka bar masa. Saura 2,400 kenan. Ita ma inbata tana cin nata wajen juya wutar batir ta koma wutar gida, ɗumin da kake ji in ka ɗora hannu a kanta wutarka ce ke tafiya, don haka ka ɗauka kashi 85 cikin ɗari ne ke isowa soket.

```
awa = (V × Ah × 0.5 × 0.85) ÷ W
awa = (24 × 200 × 0.5 × 0.85) ÷ 500 = 4.08
```

Awa huɗu. Wannan shi ne haƙƙinka na gaskiya tun ranar da aka sauke batiran a gidanka. Waɗancan awa shida da rabi da kake samu da farko, tatsar batirin kake yi kullum har sai inbata ta kashe kanta, kuma yawancin inbatoci sai batir ya faɗo wajen 10.5V kowanne suke yankewa, wato ya kusa ƙarewa ƙaf. Yi masa haka kullum na wata takwas shi ya cinye masa ƙarfi.

Akwai kuma wani abu da ba a faɗa wa mai saye. Duba jikin batirin, za ka ga C20 ko C10 kusa da 200Ah. C20 na nufin zai ba da 200Ah ɗin ne idan an ja shi a hankali, amfiya goma na tsawon awa ashirin. Kai kuwa da wat 500 kana jan kusan amfiya 25, kuma batir mai ruwa in aka ja shi da ƙarfi abin da yake bayarwa raguwa yake yi. Sannan ka tambayi kanka, yana cika kuwa? Idan caja tana tura amfiya 20, mayar da rabin da ka ci kaɗai zai ɗauki awa shida zuwa bakwai. In wutar nefa awa uku take yi a unguwarku kuma babu sola, to kullum da rabin ciki batirin ke shiga dare, kuma zama ba cikakken caji yana kashe shi kamar yadda tatsa ke kashe shi.

Ga yadda za ka gane halin da suke ciki. Buɗe murafan ka duba ruwa, in ya yi ƙasa ka ƙara ruwan batir tacacce, ban da na famfo ko na leda. Ka bari cajinsu ya cika taf, ka kashe komai su huta kamar awa biyu, ka sa mita a kowanne daban. Lafiyayye zai nuna wajen 12.7, rabin caji kuma wajen 12.1 zuwa 12.2. Sai ka kunna kayanka na awa guda ka sake aunawa suna kan aiki. In ɗaya yana 12 da ɗoriya ɗayan ya zube zuwa 11 ko ƙasa, to wannan ɗin ne ke janyo ɗan'uwansa ƙasa.

Maganar ƙaro biyu ka haɗa da waɗannan, ban goyi baya ba ko kaɗan. Tsohon da ya gaji zai riƙa jan sabon har su zama ɗaya. Kuma in kana son wat 500 na awa goma da tubula, lissafin zai kai ka kusan 11,800Wh, batir biyar kenan, a 24V kuma sai dai shida tunda bibbiyu ake haɗawa, ga neman wutar da za ta cika su.

Litiyam irin LiFePO4 ana iya cin kashi 80 zuwa 90 nasa ba damuwa. Na 25.6V 100Ah yana da 2,560Wh, ka ɗauki kashi 90 sannan ka cire rabon inbata, za ka tashi da wajen 1,950Wh, wato kusan daidai da tubula biyun nan naka suna sababbi. Zai fi daɗewa, ya fi saurin caji, amma shi ma awa huɗun zai ba ka a wat 500, kar wani ya ce maka zai kai asuba. Sai na 200Ah ne zai kusa awa takwas. Kafin ka biya ka tabbatar inbatarka tana da saitin cajin litiyam.

Ni da zan ba ka shawara, fankokin nan za ka fara canjawa. Akwai fankar sama mai injin BLDC da ke jan wajen wat 30, uku 90 kenan maimakon 225. Firiza kuma a bar ta ta yi ƙanƙara da rana lokacin da akwai wuta, da magariba a cire ta a daina yawan buɗewa. Kayanka sun dawo wat 265, daga 7 zuwa 10 ka ci kusan 800Wh cikin 2,040. A kashe talabijin da ƙwai, fanka uku da ɗan abin da inbata ke ci wa kanta mu ce wat 120, ragowar 1,240 za su yi awa goma, har hantsi. Wannan lissafin na lafiyayyen batir ne, don haka ka fara yin awon nan da mita, in ya nuna sun gaji sai ka canja su biyun lokaci guda ko ka ɗauki litiyam 100Ah, wanda da fankokin BLDC zai wadatar da kai.